Wasiƙar da na aika wa Nomau

Farkon mulkin kai ne, auren aminina Nomau ya wuce ni. Kwana uku na kasa zama wuri guda. Wasiƙa biyu na yaga, duk ƙaryar ciwo ce. A ta uku na rubuta: "Nomau, ba ni da hujja. Kokowa na tsaya kallo a Dogon Dutsi, motar garinku Kore Mairuwa ta bar ni. Ka yafe mini." Har ina yaba wa kaina.

Na manta Nomau bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba. Malamin makaranta ya kai wa, shi kuwa ya karanta da ƙarfi gaban surukai.

Nomau ya yafe. Amma har yau, duk mai gayyatata biki sai ya ce, "Mun bincika, ranar babu kokowa."