Wasiƙar da Na Rubuta wa Tumbina

Ba zan taɓa mantawa ba da wannan Alhamis ɗin, ko da an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Lokacin ne demokaraɗiyya ta shigo mana da zafinta, kowa da jam'iyyarsa, kowa da abokin gabarsa. Abin da ake yayi kuwa shi ne takardar zagi marar sa hannu, wadda muke ce wa tirak. A rubuta, a jefa ƙofar mutum, a koma gefe ana kallo.

Ni a lokacin ma'auni ne a mangazar ƙungiyar manoman rani da ke Jiratawa, wato ɗakin ajiyar amfanin gonarsu. Aikina in ɗora buhun alkama ko tattasai kan sikeli, in rubuta kilo a kaye, littafin lissafinmu. Kullum daga Maraɗi nake zuwa bisa kabu-kabu, kuma ban taɓa sauka ba sai direban ya duƙa ya duba tayarsa ta baya. Eh, ina da jiki. In faɗi gaskiya, ina da tumbi. Ga ni kuma da fargaba: ni ne mai kulle ƙofa in dawo sau uku in girgiza kwaɗo.

Da jiri ya fara ɗibata, sai na garzaya Tsibiri wajen taubashina Laminu, wanda yake ma'aikacin jinya. Ya auna jinina, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Bawana, ba aljani ba ne, cokali ne." (Taubashi dai ba ya gaisuwa sai da cizo.) Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce kitse rumbu ne: ba ya raguwa sai abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. Amma kada in kashe kaina da yunwa, don mai yunwa ramuwar gayya yake yi wa tukunya. In rage kaɗan kaɗan. Tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su fi yawa. Sukarin shayi da na fura da lemon kwalba su ne ɓarayin da ba a jin takunsu. In riƙa cin wake, ƙwai ko kifi, don kada tsoka ta tafi ta bar kitse. In yi tafiyar ƙafa ta minti arba'in kowace rana. Awo kuma sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, bayan na zagaya kuma kafin in ci komai, da tufafi iri ɗaya. Ya ce rabin kilo a mako ya wadatar, wato wajen kilo shida a mako goma sha biyu.

"Makon farko za ka ga ka zube, kar ka yi rawa, ruwa ne," in ji shi. "Wani makon kuma sikeli zai cije, kar ka yi kuka. Ka samu igiya ka riƙa zagaya cibiyarka, wani lokacin ita ke faɗin gaskiya kafin sikeli. Kuma ka rubuta wa kanka wasiƙa yau da kake da zafi, ka karanta ran da zuciyarka ta mutu."

Washegari bayan sallar asuba na zauna da biro. Saboda tsoron kada matata ta gane hannuna ta yi mini dariya, sai na rubuta da manyan baƙaƙe, ban sa suna ba, ban sa hannu ba. (Dubi wayon banza. A gidan nan wa ke da tumbi in ba ni ba?) Na ninke ta na kai mangaza, na ɓoye a akwatin duwatsun sikeli, don can nake awona kowace Alhamis kafin kowa ya iso.

Na fara da kilo ɗari da huɗu. Makon farko ɗari da biyu, na manta gargaɗin Laminu na yi rawata a tsakanin buhuna. Daga nan ɗari da ɗaya da rabi, sai ɗari da ɗaya. Sai sikeli ya cije a nan mako biyu cur. Ni kuwa kullum ina sauka daga kabu-kabu tun da sauran tafiya in ƙarasa a ƙafa, ina cin kwaɗon zogale har na fara ganin awaki kamar 'yan uwa. Igiya ta nuna na rage kamar faɗin yatsa biyu, amma mai fargaba ba ya yarda da labari mai daɗi.

A ranar Alhamis ta mako na biyar na yi awona da safe, na karanta wasiƙata, na mayar. Sai aka kira ni sunan ɗan maƙwabcin mangaza. Na ce zan taɓa kaɗan don kada a ce na raina. Dambu ne da ya sha mai da gishiri, ga naman suna. Na taɓa, na sake taɓawa, har kwano ya ga fuskata. Na bi da ruwa moɗa uku.

Ina dawowa bayan azahar na tarar da mangaza cike da mutane. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Mati, yana zaune bisa buhu yana huci. Shi ma Allah ya yi masa jiki, kujerar roba ba ta ganinsa sai ta yi salati. A hannunsa kuwa wasiƙata ce. Ashe wani manomi ya zo awo ba na nan, ya buɗe akwatin duwatsu, ya ga takarda a ninke ba suna, ya kai wa Alhaji da gudu yana cewa an ajiye tirak.

"Malam, zo nan," in ji Alhaji. "Kai ka yi karatun lakwal, kai ka iya bokon Hausa. Karanta mana mu ji mi ɗan banzan ya ce."

Na karɓa. Na fara.

"Kai mai tumbi, assalamu alaikum. Dubi kanka. Ka fi buhun gero nauyi, kuma buhun gero ya fi ka amfani, shi ana iya cinsa."

Wani ya ƙyalƙyale a baya, ya mayar da ita tari. Alhaji ya ce, "Ci gaba!"

"In ka yi ruku'u kana nishi kamar injin ban ruwa. Rabonka da ganin yatsun ƙafarka tun kafin zaɓe. Amma kada ka karaya. Na ba ka mako goma sha biyu. Malmala ɗaya. Shayi da sukari ɗaya, ba huɗu ba. In ka ga mai tsire, ka gaishe shi daga nesa. Ran da ka faɗi ka ci da yawa, kada ka ce shi ke nan an ɓata, gobe ka tashi ka ci gaba. Ba a gina wannan tumbin rana ɗaya ba, ba za a rushe shi rana ɗaya ba. Kana iyawa, ko da kai rago ne."

"Ni ne ragon?" Alhaji ya miƙe. "Ni za a ba wa'adi? Na san mai wannan aiki. Iro ne!"

Iro wani siririn manomi ne ɗan jam'iyyar adawa, wanda ya taɓa kiran Alhaji randa a gaban taro. Shi ma ya ɗan taɓa lakwal. Nan take magoya bayan Alhaji suka ce a karɓe filin noman raninsa a ba wani, tunda ya ci mutuncin shugaba. Iro yana nan a wurin yana rantsuwa, ba mai sauraro. Mutumin nan 'ya'ya bakwai gare shi, kuma wannan fili shi ne cinsu.

Ni kuwa ina tsaye ina lissafi irin na matsorata. In yi shiru, asirina a rufe. In yi magana, har jikokina sai an yi musu waƙa. Sai na tuna za a tambaye ni filin Iro a lahira, kuma can ba a rubutu da manyan baƙaƙe. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji biyu.

"Alhaji, ni na rubuta."



"Kai? Mi na yi maka, Malam?"

"Ba kai na rubuta wa ba, ranka ya daɗe. Kaina na rubuta wa."

"Kanka? Ka rubuta wa kanka takarda, ka yi wa kanka sallama? Wa ya amsa?"

Dariya ta ɓarke. Amma Alhaji ya ce ƙarya ce, rufa wa Iro asiri nake yi, don bai taɓa jin mai hankali ya zagi kansa a takarda ba. Sai Iro, da ya ga igiya ta fara kwancewa daga wuyansa, ya fizge wasiƙar ya duba ƙasanta. "Ai ga shaida nan. An rubuta: yau kilonka ɗari da huɗu. Ga sikeli, ga ma'auni. Kowa ya hau!"

Alhaji ya hau da fushi. Ni na jera duwatsu da hannuna, na ƙara, na sake ƙarawa. Ɗari da ashirin da ɗaya. Ya sauka yana washe baki, kai ka ce kujerar majalisa ya ci. "Kun gani? Ba ni ba ne!"

Sai ni. Na ce a bari sai da safe, awon yamma ba awo ba ne, ga babbar riga, ga dambu, ga gishiri yana riƙe ruwa. (Duk gaskiya ne, Laminu shaida, amma wa ke sauraron ilimi daga bakin wanda ake shirin ɗorawa kan sikelin albasa?) Suka ce hau kawai. Na tuɓe takalma, na cire hula, na ajiye makullai da biro. Wani ya ce, "Cire gemun ma, Malam." Iro ne ya auna. Ɗari da uku.

"Tun yaushe ka fara?" in ji Alhaji.

"Mako biyar."

"Mako biyar, kilo guda! Malam, ai akuyata in ta yi atishawa tana zubar da fiye da haka."

Na ce da safe ɗari da ɗaya nake. Na zaro igiyata daga aljihu don in nuna musu ƙullin farko da na yanzu. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe. Suka karɓe ta, suka zagaya wa Iro, ta yi masa sau biyu saura kaɗan. Wani tsoho har da zama a ƙasa yana share hawaye.

Filin Iro dai ya tsira. Shi kuwa godiyar da ya yi mini ita ce laƙabin Ɗari-da-huɗu, wanda har yau masu tsiren bakin tasha ke kirana da shi. Daga ranar kuma ban sake awo ni kaɗai ba. Kowace Alhamis da sassafe sai in tarar da mutum goma a ƙofar mangaza, ba su da buhu ko ɗaya, sun zo kallo. In na miƙa hannu ga fanke, wani daga nesa zai ce, "Malmala ɗaya, Malam!" Ko ina so ko ba na so, na ƙarasa mako goma sha biyu da kilo casa'in da tara. Biyar ke nan, ba shida ba, kuma sun tuna mini da wannan ɗayan.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In za ka zagi mai tumbi a takarda, ka rubuta sunansa a sama, musamman in kai ne. Masu tumbi suna da yawa a ƙasar nan, kuma wasunsu ne ke rabon fili.