Shuɗiyar Kular Rifkatu

Ina iya manta ranar aurena (mijina ma ya riga ni), amma ba zan taɓa mantawa da safiyar sabuwar shekarar da na kwance wa ƙawata zani a gaban mata talatin ba, kuma da fatan alheri na yi shi.

Bari in fara da laifina na asali. Ni malamar firamare ce a Kamazou, shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli, har bakina ya saba. Idan kika ce min kanki na ciwo, sai na ba ki dalilai uku da aikin gida. A zumuntar matan cocinmu suna kirana Madam Na-Gaya-Miki, a bayan idona suke faɗa, amma ai ina da kunne.

Rifkatu kaɗai ke iya jure ni. Tare muka taso, tare muka zo Kaduna, tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya, Danladi. A shekarar da nake ba ku labari, Danladi ya faɗa shan ƙwaya har kansa ya taɓu, aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa. Rifkatu ta gaya wa kowa yana Jos wurin yayanta yana koyon haɗa sola. Ni kaɗai na san gaskiya. Ta ce min, "Saratu, in aka ji, ko ya warke sunansa mahaukaci. Ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi 'ya. Ki rufa min asiri." Kowace Laraba takan zuba abinci a wata tsohuwar shuɗiyar kula mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya, ta hau Keke ta tafi. Masu tambaya ta ce musu oda take kaiwa wani ofis.

Da Disamba ta zo ƙarshe, na zauna da rana a kan benci da biro da takarda zan rubuta mata barka da sabuwar shekara. Na san ba zan tura mata hoton fure da kurciya ba. Matar da ta yi Kirsimeti a layin masu ziyara ta wuce wannan.

Na farko da na rubuta ayoyi huɗu ne da "ki daure" guda biyar. Na karanta, na ji kamar ina tsaye a bagadi ita kuma tana zaune a kujerar masu laifi. Na yaga. Na biyu ya fito da lamba: ɗaya, ki rage tunani, biyu, ki riƙa cin abinci, uku, ki ƙara addu'a. (Matar da gwiwoyinta suka yi kanta saboda durƙuso nake ce wa ta ƙara addu'a.) Shi ma na yaga.

Sai na kafa wa kaina doka kamar yadda nake wa 'yan aji huɗu. Duk jimlar da ta fara da "ki", a soke ta, domin umarni ne, kuma ba aiki ta rasa ba. "Bana shekararki ce", a soke, ban ga gobe ba, kuma bara ma haka aka ce mata. "Allah ya san dalili", a soke, ba ta tambaye ni ba. "Wasu sun fi ki shiga uku", wannan har kunyar rubuta shi na ji. Da na gama soke-soke, takardar ta koma kamar jarrabawar daƙiƙi, jan biro ko'ina. Abin da ya rage kawai shi ne abin da na gani da idona, da abin da nake roƙa mata. Ga shi:

"Rifkatu, bara ta yi miki nauyi, na gani. Na ga kuma ba Larabar da kika fasa. Ba ni da wata shawara. Fatana a bana shuɗiyar kular nan mai hannun waya ta huta da hanyar asibiti. Allah ya sa hankalin Danladi ya dawo, shi ma ya dawo, ya zauna a tabarmarki ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa, ki zage shi. Kafin ranar, ina nan. Barka da sabuwar shekara."

Na kwafa a waya na tura. Ba a yi minti goma ba ta kira. Kuka take, amma har da dariya a ciki.

"Ke Saratu, wa ya rubuta miki wannan?"

"Ni mana."

"Babu wa'azi? Babu na ɗaya na biyu? Kai. Tun watan shida ban yi dariya ba sai yau. Ki ga yaron nan, kullum gishiri, gishiri. Na gode, 'yar'uwa. Zan ajiye shi."

Da a nan labarin ya ƙare, da ni mutuniyar kirki ce. Amma ku gane, a rayuwata ba a taɓa yaba maganata ba. Ana dai jure ta. Kaina ya kumbura har ɗankwali ya matse ni.

Washegari, ɗaya ga Janairu, ina shirin zuwa sujadar godiya, na buɗe gurup ɗin zumunta a waya. Cike yake da abin da aka saba: furanni masu walƙiya, agogo, da wani dogon saƙo na abubuwa goma sha biyu da mace ta gari za ta yi a bana, wanda mutum huɗu suka turo. Na taɓe baki. Na ce a raina bari in nuna wa matan nan yadda ake gaisuwa. Na kwafo saƙon Rifkatu, na cire sunanta na sa "'yar'uwa", na cire Danladi na sa "ɗanki". Na tsaya a kan kular. Wani abu a cikina ya ce cire ta. Amma ita ce layin da ya fi daɗi, kuma marubuciya ba ta yanke layinta mafi daɗi (kwana ɗaya da zama marubuciya, har na san dokokin sana'ar). Na ce ai za su ɗauka misali ne. Wace uwa ce ba ta da ɗan da hankalinsa ke bukatar dawowa? Na tura, na kashe data don kada ta ƙare, na ɗaura zanin zumunta na fita.

Bayan sujada, al'adarmu ce mata su zauna ƙarƙashin mangwaron coci, kowa ta kawo abin da ta dafa a ci tare. Ana cikin jera kwanuka Uwar Zumunta, Mama Laraba, ta tafa hannu ta gyara tabarau.

"Mata, kafin mu ci, akwai saƙon da ya taɓa ni yau da safe. Madam Saratu ce ta rubuta. Ban san tana da wannan baiwar ba."

Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina leƙen fuskoki ta gefen ido.

Ta fara karantawa a hankali. Mata na cewa "Amin". Rifkatu tana tsugune tana zuba wa mutane shinkafa, ba ta cika duba gurup ba, don haka a lokacin take jin sa. Na ga hannunta ya tsaya da cokali a sama. Sai a lokacin na kalli abin da take ɗiba daga ciki.

"...shuɗiyar kular nan mai hannun waya ta huta da hanyar asibiti," in ji Mama Laraba, sai muryarta ta rage gudu, domin kular tana gabanta, taku biyu, a buɗe, tana tururi.

Amin ɗin ya mutu. Mata talatin suka kalli kula, suka kalli Rifkatu. Mama Laraba, da ba ta san yadda ake tsayawa a tsakiyar karatu ba, ta ƙarasa har wurin hankali da gishiri.

Wata Maman Blessing ce ta fasa shirun. "Ah ah, Maman Danladi, ba kin ce yana Jos ba? Wane asibiti kuma? Kansa ne?"

Ban san sanda na miƙe ba. "Misali ne!" na ce. "Kula ai da yawa a gari!" Ba wadda ta ko kalle ni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci min rai. Suka kewaye ta, da kyakkyawar niyya, kowa da nata. Ki yi azumin kwana bakwai. Ki kai shi dutsen addu'a. Ki bincika ko daga dangin ubansa ne. Ai tun farko da kin tsawata masa. Duk abin da na yini ina sokewa da jan biro, sai ga shi an zuba mata a ka a cikin minti biyar, kuma ni na buɗe ƙofar. Na zaro waya na kunna data na goge saƙon daga gurup, kamar hakan zai cire shi daga kunnuwa. Rifkatu ba ta yi kuka ba. Ta ajiye cokalin, ta ce, "Ku ci abinci kada ya huce," ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ni na kwashi kular. Na wanke ta har sau biyu, da yamma na kai mata gida, na shirya jawabin neman gafara mai sassa uku. Ta buɗe ƙofa rabi.

"Rifkatu, don Allah..."

"Na ce miki zan ajiye shi," ta ce. "Na ɗauka nawa ne."

Na miƙa mata kular. Ta dube ta.

"Riƙe ta. Ba zan iya fita da ita ba kuma."

An sallami Danladi a watan huɗu, ya samu sauƙi sosai. Kwana tara ya yi a Kamazou. Ya je shagon mai gyaran janareto neman aiki aka ce a bari a gani tukuna, a coci kuma mutane suka riƙa yi masa magana a hankali da ƙarfi kamar kurma. Rifkatu ta sa shi a mota zuwa Jos wurin yayanta. Ƙaryar da ta yi ta zama gaskiya, fatan da na yi mata kuwa, na ya zauna a tabarmarta ya ci, ni da hannuna na hana shi cika.

Muna gaisawa a coci. "Ina kwana, Madam," take ce min yanzu, ita da ke kirana "ke Saratu" tun muna tallan gyaɗa.

Abin da na koya? Ni da ba na rasa darasi, wannan karon ɗaya tak na samu: fatan alherin da ya yi wa mutum daidai, nasa ne shi kaɗai, wanda za a iya tura wa kowa kuma gara ya zama fure da kurciya. Disambar da ta wuce na sake zama da biro da takarda. Na soke, na soke, har ya rage "Barka da sabuwar shekara, Rifkatu." Na tura mata a waya, ta karanta, na ga alamar ta yi shuɗi. Bayan kwana biyu ta turo min dogon saƙon nan na abubuwa goma sha biyu da mace ta gari za ta yi a bana, da tambarin "an turo" a samansa. Na bakwai shi ne kame baki.

Kular tana kan kabad ɗina. Ban taɓa zuba komai a ciki ba.