Sanarwar Sunan Ɗana Da Hoton Kakana

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tara wa kakana masu ta'aziyya ba, alhali yana gonarsa ta albasa yana ban ruwa.

Ranar Talata da hantsi matata ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji, ɗanmu na fari. Tana gidan iyayenta a Tursa, can ta tafi goyon ciki, ni kuma ina gidanmu na Magarya. Tunda bayan fitowar alfijir aka haife shi, ba a ƙirga ranar, sai liman ya ce suna ya kama Talata ta zagayo. Tun a ranar aka yi wa yaron huɗuba da sunan kakana, Alhaji Tsoho, amma ba a faɗa sai ranar suna.

To ni malamin makaranta ne, kuma a danginmu ni ake kawo wa rubutun katin biki (wannan ne ya sa kaina ya ɗan fi hulata girma). Laraba da safe na zauna na tsara sanarwa mai rai da lafiya: "Allah Ya yi ikonSa a gidanmu jiya da hantsi, Ya ba ni santalelen ɗa namiji, kamata sak!" Na jera sunan matata, da sunan yaro, da hotonsa da aka turo mini, da alamar zuciya har guda shida.

Allah Ya sa na nuna wa yayata Asabe kafin in saka. Ta karanta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ba ka da kunya? Ɗan fari na fa. Wa ka gani shina shelar ɗan fari kamar ya ci zaɓe?"

Ta shiga lissafo mini. Ba a sa fuskar jariri, saboda baki. Ba a faɗin suna kafin a zana shi. Ba a rubuta sunan mai jego, iyali ake cewa. Ba a yabon kyau, Masha Allah ake cewa. A gode wa Allah, a ce an samu ƙaruwa, uwa da ɗa suna lafiya, a faɗi rana da lokaci da wuri, a roƙi addu'a, shi ke nan. Ta tafi ɗora girki ta bar ni.

Nasiharta ba ta da aibi. Ni ne na ce sai na nuna mata na fi ta kunya. Na goge hoto, na goge sunaye, na goge zukata. Na dubi "Ya ba ni santalelen ɗa", na ga alfahari ne, na goge. Kalmar suna ma sai na ga kamar ina kiran mutane cin nama, na mayar da ita addu'a. Na ƙara Larabci don a san an yi karatu. Da na ga rubutun ya yi tsirara babu hoto, sai wata dabara ta zo mini: in sa hoton Alhaji Tsoho da rawaninsa, masu hankali su gane wanda aka yi wa takwara ba tare da na faɗa ba. Har murmushi na yi wa kaina.

Ga abin da ya fita, a sitatus da kuma guruf ɗin dangi:

"Alhamdulillahi ala kulli halin. Allah Ya yi ikonSa a gidanmu jiya da hantsi. Za a taru a yi addu'a ranar kwana bakwai, Talata, ƙarfe bakwai na safe, a ƙofar gidan Alhaji da ke Magarya. Muna barar addu'arku."

Na tura, na hau babur na nufi rugar wani surukina don zaɓen ragon suna. Can babu sabis ko na rantsuwa. Na sha fura da nono, na buɗe bakin raguna ina duba haƙora kamar na iya, na zaɓi wani fari lafiyayye mai cikakken ƙaho. Raina fes.

Sai bayan la'asar na dawo, rago ɗaure a bayana. Ina shigowa gari waya ta fara tsuwa a aljihu ba ƙaƙƙautawa, na ce masu barka ne, su jira. Da na karyo kwanar gidanmu sai na ga motar Baffa Sani, ɗan ƙanwar kakana da ke Goronyo, da babura, da tabarmi shimfiɗe. A tsakiyar taron ga Alhaji Tsoho zaune, ƙafarsa duk laka. Gefensa ƙanwarsa ce, Gwaggo Kulu, mahaifiyar Baffa Sani, tsohuwar da ta shekara uku ba ta yi tafiya ba saboda ciwon gwiwa, ta riƙe hannun rigarsa gam, idonta ya kumbura.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baffa Sani ya ga hoton, ya kira ni bai samu ba, ya kira Yaya Asabe wayarta na wurin caji, Alhaji kuwa bai taɓa riƙe waya ba. Ya kwashi mahaifiyarsa da mutum huɗu da buhun gero na sadaka, suka taho tana kuka tana cewa an rufe ɗan'uwanta ba a gaya mata ba. Suna tsaye a ƙofar gida suna salati sai ga mamaci ya ɓullo da fartanya a kafaɗa. An ce wani ya ruga a guje ya bar takalminsa.

Na kashe babur. Sai ragon ya zaɓi lokacin ya yi kuka.

"Malam, taho nan," in ji Alhaji. "An ce kai ka rubuta. Karanta muna mu ji mi anka ce."

Na durƙusa na karanta. Sai da na ji kalmomin suna fita daga bakina sannan na gane abin da na rubuta. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"To, Allah shi jiƙaina," in ji Alhaji. "Amma kai jikan ga, in rawanina kaka so, ka roƙa mana. Ba sai ka kashe ni ba."

Wuri ya kece da dariya, ban da Gwaggo Kulu. Ta nuna ni da sanda.

"Kai, mi na yi maka?"

"Gwaggo, kunyar ɗan fari ce na ji."

"Kunya? Ka ji kunyar cewa an haihu, ba ka ji kunyar cewa an mutu ba?"

Yaya Asabe tana leƙe daga zaure, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya sa na fito da waya a gaban kowa, ya ce in rubuta abin da zai faɗa, kar in ƙara ko wasali: "Alhamdulillah, Masha Allah. Allah Ya ba mu ƙaruwar ɗa namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Zanen suna ranar Talata, ƙarfe bakwai na safe, a gidan Alhaji da ke Magarya. Allah Ya raya." Sannan ya ce, "Ƙara da cewa Alhaji na gaishe su, da bakinai." Hoto kuwa na faifan goro da dabino aka sa.

Gwaggo Kulu ta ce tunda an ɗauko ta, ba ta komawa sai an yi suna. Kwana shida suka yi ita da Alhaji suna hira a ƙarƙashin darbejiya, suna tuno mutanen da mu ba mu sani ba. Geron sadaka ya zama furar suna. Ranar Talata liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka shelanta suna, aka raba goro, kuma duk wanda ya ba ni hannu sai ya ce, "Allah raya, ya haƙuri?"

Tun daga ranar na koyi cewa kunya ado ce, amma ba a goge labari saboda ita. Yanzu in zan sanar da haihuwa, ko ta akuya ce, kalmar haihuwa nake fara rubutawa, sannan in nemi wani ya karanta mini da ƙarfi kafin in tura.