Saƙon Taufiƙ Ga Madam Henriette

"Lafiya lau, sai zafin Garwa da ganinka," in ji Iya Karimatu, ba ta ko ɗago kai daga kilishin da take shafa wa labu ba. "Mijin da ba ya leƙo gida sai yunwa ta koro shi."

"Amaryar da haƙoranta suka riga ta ritaya," Taufiƙ ya ce. Ya jingine babur ya zauna bakin tabarma.

Ta jira ya ƙara, bai ƙara ba. Jikan nan nata ba ya barin ta da kalmar ƙarshe sai in abu ya dame shi. Da ta matsa masa, ya ce gobe ne ranar haihuwar Madam Henriette, malamarsu ta Faransanci a sakandare, jibi kuma za ta koma kudu gaba ɗaya. Idonta ya yi rauni, karanta mata saƙonni ake yi. Mai karantawar kuwa ɗanta ne Boris, wanda yanzu shi ne shugaban Taufiƙ a asibitin da yake aikin jinya. Yana son matar ta san ya gode, yana tsoron a ce wurin ɗan yake neman shiga.

Iya ta ce ya karanta saƙon da ya rubuta wa Madam a wayarsa. Ya juya mata da Hausa: fitilar duniya, uwa ga marayu, malamar da ba a taɓa yin irinta ba, ba kuma za a yi ba.

"Ina kalangun?" ta tambaya. "Haka makaɗa suke yi wa kakanka a mahauta ran da ya yanka sa. Gobe wani ya yanka, su sauya suna kawai. Cire sunanta ka sa nawa, me zai lalace?"

"Fitilar. Ke ai aci-balbal ce."

"Kai kuma maroƙin da ba a ba ko ƙashi ba. Marayan wa? Ubanka yana kasuwa. Ka kashe mini ɗa don ka yi wa malama daɗin baki?"

Ya goge marayun, ya goge fitilar. Ya goge "ba a taɓa yin irinta ba", don ya ce sauran malaman ba su yi masa laifin da zai taka su ba. Saura gaisuwa kaɗai a wayar. Iya ta ce idan maƙwabciya ta aiko da tuwo, washegari ba kirari ake yi mata ba, cewa ake an ga tuwo, an ci, yara sun kwana da ƙoshi. To me Madam ta aiko masa?

Taufiƙ ya ce ta tuna i'inarsa? Wata rana an tashe shi karatu, kalma ta maƙale, aji ya fashe da dariya. Madam ba ta ƙarasa masa kalmar ba, ba ta kuma ce ya zauna ba. Alli ta ajiye, ta ce ba mai motsi sai Taufiƙ ya gama. Haka ta yi masa har shekara ta ƙare. Yanzu in tsoho ya zo daga ruga yana laluben yadda zai faɗi ciwonsa, shi ma ajiye biro yake yi ya jira.

Iya ta tsayar da hannu cikin labu. Ita da ta yi ta kwaikwayon i'inar nan tana tsokanarsa, ba ta taɓa jin labarin ba.

"Rubuta wannan," ta ce. "Sannan ka ƙara, ta ce wa ɗanta ya riƙe ka da kyau."

"A'a, tsohuwa. Yanzu kika kore ni daga roƙo, kuma kina miƙo mini ƙoƙo? Ko kalma ɗaya na nema, godiyar ta zama kuɗin sayen baki."

Ya rubuta, ya karanta mata: "Madam, barka da ranar haihuwa. Ni ne Taufiƙ mai i'ina na bencin baya. Kin ajiye alli kin jira na gama magana. Yau haka nake jiran marasa lafiya, daga wurinki na koya. Na gode. Allah ya ƙara lafiya, ya kai ki gida lafiya."

Iya ta ce ya yi gajere kamar wandon aro. Ya ce ta gwada sa sunanta a ciki. Ta gwada a zuci, bai shiga ba.

Ta tashi da ƙyar, ta zaɓo kilishin da ya fi gasuwa, ta naɗe ƙunshi biyu.

"Babban na mai alli ne, guzurin hanya. Ka ce daga wadda ba ta iya jira ba."

"Ƙaramin fa?"

"Na mijina ne," ta ce tana dariya ƙasa-ƙasa. "Yau na bari ya gama magana."