Yadda Za Ka Gode Wa Abokan Cinikinka Ba Tare Da Sun Gudu Duka Ba

Kai mai ɗan kanti, matso kusa. Ni ne malamin da ke buga wasiƙu da tafireta a gindin tsamiyar da ke kallon ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, a nan Haɗejiya. In kantinka ya cika shekaru kana son fitar da takardar godiya, bi matakan nan. Na yi maka alkawari sunanka zai zaga gari. Shu'ibu mai kantin bakin kasuwa ya bi su, ga shi har yau ana maganarsa.

Mataki na ɗaya: Samo dalili

Kada ka yi godiya haka kawai, za a ce ciwon ajali ne ya kama ka. Jira sai wani ya buɗe kanti a gabanka. Shu'ibu ya shekara goma yana auna gishiri da kananzir bai taɓa tuna yana da abokan ciniki ba, sai ranar da Kolo ya kafa kanti mai rufin kwano daura da nasa. Washegari ya iso wurina zuciyarsa cike da ƙaunar jama'a.

Mataki na biyu: Tsara takardar

Fara da sunan Allah. Sa sunan kanti da manyan baƙaƙe, sannan shekarun, sannan godiya, sannan abin da za a samu da ranar da za a samu, ka rufe da addu'a. Ga ta Shu'ibu:

"Da sunan Allah. Kantin Shu'ibu, bakin kasuwa, ya cika shekara goma. Da ikon Allah da cinikinku muka kawo yau. Ba mu manta da waɗanda suka tako ruwa da laka suka zo mana ba. Ranar kasuwa mai zuwa akwai gyara a kan kowane awo, da ƙwayar ashana kyauta. Allah ya bar zumunci."

Lura da "mu". Kai kaɗai ne a kantin, sai mage, amma "mu" na sa a zaci akwai reshe a Kano. Kada ka ambaci Kolo. Ka dai ce tsohon hannu ya fi sanin awo, shi zai gane.

Zan sa takardar kabon in buga maka huɗu a bugu ɗaya. Ta huɗun ba ta karantuwa, ita za ka manna can sama. A ƙasan kowace a maimaita da hannu cikin ajami, don masu karanta boko a kasuwar nan ba su cika tabarma ɗaya ba. Jiƙa ƙaro ka manna ɗaya a ƙofarka, ɗaya a mashigar jirgin fito.

Mataki na uku: Jera sunaye

Nan ake gane gwani. Ka jera manya: malamin haraji, malamin asibiti, Sarkin Pawa, da duk wani mai keke. Ko sau ɗaya mutum ya sayi allura a wurinka, in dai yana da rawani, sa shi. Masu zuwa kullum kuwa ba sa bukatar a rubuta su, ai suna zuwa.

Shu'ibu ya ce, "Malam, Iya Fanna fa?"

Iya Fanna wata dattijuwa ce daga ƙauyen ƙetaren kogi, wajen hanyar Kirikasamma. Duk ranar kasuwa matan ƙauyen kan ba ta sautu, ta ɗaure kuɗin kowa a ƙulli daban a bakin zanenta, ta zo ta sayo musu gishiri da sabulu da kananzir. Da damina, in fadama ta cika, a kwalekwale take zuwa. Rabin cinikin Shu'ibu a bakin zanen nan yake. Na duba takarda na ga saura layi ɗaya, ga kuma direban lorin gyaɗa ba a sa ba. Na ce masa, "Tsohuwa ina ruwanta da takarda?" Ka riƙe wannan hikima.

Mataki na huɗu: Ɗauki sanƙira

Takarda ba ta da murya. Ba sanƙira sule da goro, a karanta masa sau biyu ya haddace, ya zaga kasuwa yana shela. Zai ƙara gishirinsa, kada ka hana shi. Na Shu'ibu ya mai da ƙwayar ashana ta zama kwali.

Iya Fanna na tsaye a ƙofar kantin, ƙwarya a ka, lokacin da sanƙiran ya iso. Ta saurara tun daga malamin haraji har direban lori. Da ya kai "Allah ya bar zumunci" ta ɗan ƙara jira, ko akwai saura. Babu. Ta gyara gammo, ta tsallaka hanya, ta zauna a bencin Kolo ta fara kwance ƙulli. Shu'ibu ya ce mini daga ƙofarsa ya ƙirga kowane ƙulli.

Mataki na biyar: Karɓi manyan baƙi

Za su zo, kowa ya karɓi ashanarsa ya sa maka albarka. Malamin haraji ma ya tsaya ya karanta takardar a tsanake, ya ce ashe kasuwa ta yi albarka haka, za a duba lamarin baɗi.

Mataki na shida: In ka yi kuskure, ƙara masa ƙarfi

Kasuwa ta zagayo, na ba Shu'ibu shawara ya sake ɗaukar sanƙira don ita kaɗai. Mutumin ya tsaya tsakiyar 'yan kifi ya buɗe maƙogwaro: "Fanna! Fanna ta ƙetare! Shu'ibu na godiya!"

Haka, gatsal, ko "Iya" babu. Sunan da surukanta da 'ya'yanta ba sa iya furtawa, ga shi yana yawo tsakanin tarwaɗa da barkono, a gaban mijin 'yarta da ya kawo banda. Surukin ya sunkuyar da kai kamar ya nutse. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta nufi mashigi, ko kantin Kolo ba ta tsaya ba. Ka ga ke nan an samu ci gaba, Kolo ma bai samu ba.

Mataki na bakwai: Wannan ba na ba da shawararsa

Shu'ibu bai nemi ra'ayina ba. Ya rufe kanti da rana tsaka, ya ɗora buhun gishiri a ka, ya shiga kwalekwale. Inda ruwa ya ƙare ya tattare wando ya taka laka har ƙofar gidanta. Ya tube takalmi ya durƙusa.

"Iya, na zo ne in ce na gode."

"Ina takardar?"

"Babu takarda, Iya."

"Mai ihun fa?"

"Na sallame shi."

Ta dube shi tun daga hula har lakar gwiwa. Ta ce, "Ɗan nan, shekara goma nake ƙetare ruwan nan ina zuwa wurinka. Yau ka ji zurfinsa?"

"Na ji, Iya."

"To tashi. Da ka faɗi kalmar nan ranar da kake miƙo mini gishiri, da wandonka bai jiƙe ba."

Ta dawo kasuwa ta gaba. Sai dai ta kafa sharaɗi: gyaran da aka yi shelarsa na rana ɗaya, a wurinta na kullum ne. Duk awo sai ta tsaya tana kallon hannunsa har ya ƙara, sannan ta jira ya ce ya gode.

Gargaɗi

Ni bugawa kawai nake yi. Wanda ya gudu, wanda ya ji kunya, da abin da malamin haraji zai rubuta baɗi, duk tsakaninka da su ne. Kuɗin bugu ba ya dawowa. In kuma ka zaɓi mataki na bakwai tun farko, kada ka faɗa wa kowa, da tafiretan nan nake ciyar da iyali.