Kyalla Mai Cewa Ba Komai

A wani daji mai tafki ɗaya tal, an yi wata 'yar akuya ana ce mata Kyalla. Gyara kwanciya ka ji labarinta. Kyalla tana da kunya, irin kunyar da ko gaishe ta aka yi sai ta nemi bayan uwarta. In an taka mata ƙafa, sai ta sunkuyar da kai, ta karkaɗa kunne, ta ce, "Ba komai." In an cinye mata ganyen da ta sha wuya ta janyo, sai ta sunkuyar da kai, ta karkaɗa kunne, ta ce, "Ba komai." Manya suna sonta ƙwarai saboda haka, don ba ta taɓa sa su gyara komai ba.

Dajin nan yana da majalisa, Ɓauna ne shugabanta. Da rani ya yi tsanani, majalisa ta zauna ta tsara shan ruwa bisa girma: manya su fara, ƙanana su biyo baya. Tsarin ya yi daɗin ji. Sai dai Ɓauna ba ya shan ruwa daga baki, shiga yake yi har ciki ya kwanta. Gadu kuma in ya sha sai ya yi birgima. Kafin layi ya zo kan awaki, tafki ya koma kamar kunun laka. Ita kuwa akuya, ka sani, ba ta shan ruwa mai dauɗa. Za ta sansana, ta ɗaga kai, ta koma da ƙishinta.

A lokacin Innar Kyalla ta haifi tagwaye. Da ba ta samun ruwa, nononta ya fara ƙafewa. Tagwayen su tsotsa su tsotsa, su saki su yi kuka, ƙafafunsu har sun fara lanƙwashewa. Inna ba ta iya barinsu ta je majalisa, don haka ta dubi Kyalla ta ce, "'Yata, ke za ki je ki faɗa musu."

Kyalla ta tafi majalisa. A majalisar nan ƙarami ba ya magana da bakinsa. Sai ya raɗa wa sanƙira, wato Zabo, shi kuma ya ɗaga murya ya isar. Kyalla ta raɗa masa, "Ruwa yana gurɓacewa, ƙannena ba su da nono."

Zabo ya gyara fiffike ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar akuya tana gaisuwa. Ta ce ta ga tsarin ruwa, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba."

Ɓauna ya ji daɗi. Ya ce, "Madalla. Yarinya, akwai wani abu kuma?"

Duk idanu suka juyo kanta. Ta sunkuyar da kai, ta karkaɗa kunne, ta ce, "Ba komai."

Jimina ta ce, "Kun ga tarbiyya ko? Da duk yara haka suke, da mun huta."

A hanyar gida Kyalla ta zauna gindin wata aduwa ta yi ta kuka, tana jin haushin kanta. Nan wata tsohuwar Bushiya ta same ta. Da ta ji abin da ya faru, ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma ce mata ta daina jin tsoro ba. Cewa ta yi, "Jikata, ni da kike gani, ko ganye ya faɗo dunƙulewa nake yi. Har yau ban daina ba. Abin da na koya kawai shi ne yadda zan warware. Kunyarki abu ne mai kyau, ki riƙe ta don gaisuwa. Amma wanda ya rufe miki baki yau tsoro ne, ya ari sunan kunya."

Kyalla ta ce, "Kaka, to yaya zan yi ya tafi?"

"Ba ya tafiya. Tare za ku je. Ki kafa ƙafafunki huɗu ki ji ƙasa. Ki ja numfashi a hankali har ciki, ki sake shi. Sannan ki faɗi magana gajeriya wadda kika riga kika shirya. Faɗa tare da ni: ƙafa ta kafu, numfashi ya shiga, magana ta fito."

Suka fara gwaji a gaban suri, tunda suri ba ya kallon kowa. Ƙafa ta kafu, numfashi ya shiga, magana ta fito, ƙanƙanuwa kamar kukan sauro. Bushiya ta ce ya yi, a sake. Suka je wurin Ƙadangare, ya yi ta gyaɗa mata kai, abin da yake yi wa kowa, amma ya ƙara mata ƙarfi. Ƙafa ta kafu, numfashi ya shiga, magana ta fito. Wurin Jaki kuwa maganar ta maƙale, Kyalla ta ruga bayan kalgo ta ɓuya. Bushiya ta jira ta har ta fito da kanta, suka sake gwadawa, Jaki ya ji ta sarai.

Da majalisa ta sake zama, Kyalla ta koma. Bushiya ta zauna a gaba ta ce, "In idanu sun yi miki yawa, ni kaɗai za ki kalla." Zabo ya saurari raɗar, ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar akuya ta dawo ƙara godiya."

Ɓauna ya ce, "Madalla. Akwai wani abu kuma?"

Kanta ya fara sunkuyawa. Kunnenta ya fara karkaɗawa. Ta dubi Bushiya. Ƙafa ta kafu. Numfashi ya shiga.

"Ranka ya daɗe, da magana," in ji Kyalla. "In kun shiga tafki ruwa yana zama laka. Mu ba ma iya sha. Innata ba ta da nono, ƙannena suna jin yunwa. Ruwa yana kwantawa kafin safiya. Ku bar mu mu sha daga baki tukuna, sannan ku shiga."

Jimina ta ce ashe yarinyar ba ta da kunya. Gadu ya ce a naɗa kwamiti ya binciki ko laka tana cikin ruwa. Amma sai Barewa ta ce a hankali, "Mu ma haka." Zomo ya ce, "Mu ma." Ashe duk ƙananan nan da ƙishi suke kwana, kowa yana cewa ba komai. Ɓauna ya dubi lakar da ta bushe a cinyarsa, ya daɗe yana dubanta. Ba mugu ba ne, bai dai taɓa zuwa tafki a ƙarshen layi ba. Ya ce, "Daga gobe ƙanana su fara."

Da safe Inna ta sha ruwa garau har ta ƙoshi. Bayan 'yan kwanaki nono ya dawo, tagwaye suka tsotsa suna kaɗa wutsiya, suka fara tsalle suna tunkurar juna. Inna ta lashi goshin Kyalla ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Daɗi ya cika Kyalla har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta nemo inuwa mai sanyi ta share wa Bushiya, ta tsaya gabanta ta ce, da murya sosai, "Kaka, na gode." Har yanzu tana jin kunyar baƙi, kuma ba wanda ya ce ta daina.

To, rufe ido. Ita kuwa majalisa ta kira zama na musamman, ta yi wa kanta godiya.