Sunkuyar da Kai a Nan

Bas ɗinmu ta mutu a hanyar Kumasi, fasinjoji suka yini a rana babu ko ruwa. Mai kamfani ya turo takardar da lauya ya rubuta: mu amsa laifi, mu faɗi dalili, mu yi alkawarin gyara. Ya ce ni manaja zan karanta a bidiyo.

Sakatariyata Hajiya Mariya ta ce, "Manaja, bari in tsaya in duba maka."

Na ce ta tafi gida, ai na taɓa gabatar da jawabi a walima.

Ni kaɗai a ofis, na jingina waya da kofin shayi, na karanta tiryan-tiryan har da umarnin da lauya ya sa mini a tsakiya: "Muna matuƙar baƙin ciki. Sunkuyar da kai a nan." Ban sunkuyar ba. Na ɗora bidiyon a shafinmu, na koma gidana a unguwar Vittin ina jiran yabo.

Kwana biyu babu wanda ya kira ni, har matata da ke garin Yendi. Ashe bidiyon ya zagaye gari.

Yanzu ko waakye, wato shinkafa da wake, na je saya a unguwar Zogbeli, mai abincin takan riƙe kwanon ta ce, "Manaja, sunkuyar da kai tukuna."